Wanda Ba a Buɗe wa Kati Ba

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina aji biyu a ƙaramar sakandare, hannuna na hagu kuma a naɗe yake da bandeji daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Hotunan 'yan takara sun cika katangun Gyaɗi-Gyaɗi, an liƙa wani kan wani, har ka ga hular mutum ɗaya a kan fuskar wani. Ina kallonsu duk ranar da Umma ta kai ni wankin ciwo. Ban tuna na yi murna ko baƙin ciki da wani abu a watannin nan ba. Ina dai gani, ina riƙewa.

Abin da ya same mu ba dogon labari ba ne. Ana wahalar mai a lokacin, kananzir ma sai a wurin 'yan cuwa-cuwa na bakin titi. An ɗauke wuta da magariba, Umma ta zuba wa fitilar ƙwai mai, ta kunna, ta ajiye a ɗaki, ta fita duba tukunya. Fitilar ta fashe, galan ɗin da ke gefe ya kama. Ni na fito. Ƙanena, autanmu, bai cika shekara uku ba, sai da maƙwabta suka shiga cikin hayaƙi suka ɗauko shi. Asibitin koyarwa ba shi da nisa da gidanmu, amma kafin tasi ta tsaya a ƙofar sashen gaggawa rai ya yi halinsa. Ni aka buɗe wa kati aka kwantar. Shi aka mayar gida.

Umma nas ce a asibitin. Ba ta yi kuka a gaban 'yan gaisuwa ba, mata suna fita suna cewa, "Kai, wannan akwai tawakkali." Bayan sadakar arba'in ta goge farar rigarta ta koma aiki, ta koma kuma kwas ɗin ƙarin karatun da take yi, wanda sai ta rubuta kundin bincike ta kare shi a gaban malamai kafin a ba ta takardar shaida. Da farko a kan wanke hannu a ɗakin yara za ta rubuta. Da ta koma sai ta canza, ta ce a kan ƙunar kananzir a jikin yara za ta yi. Baba ya ce mata, "Anya kuwa?" Ta ce, "Me?"

Ni ce 'yar fari, don haka Umma ba ta kiran sunana. "Ke" take cewa, in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". Ban taɓa jin komai game da hakan ba, haka na taso na gani. Autan kuwa sunansa ba ya barin bakinta. Bayan rasuwarsa sai gidan ya zama babu sunan yaro ko ɗaya da ake kira.

Da la'asar take zama a tabarma a tsakar gida da fayil-fayil ɗin da ta kwafo bayanansu daga ɗakin ajiyar katunan marasa lafiya. Ta ja layuka a babbar takarda: shekarun yaro, unguwa, abin da ya fashe, tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a kawo shi, abin da aka shafa masa a gida, ya warke ko ya rasu. Tana cike su da fensir. In ta gama wannan sai ta ɗauki biro ta koma babi na ɗaya. A nan hannunta ke sauri, tana danna biron har rubutun ya fito a bayan takarda kamar zanen ƙwarya.

Wadda ke duba aikin likita ce, mutuniyar kudu, Kirista, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan ajinmu. Dakta kawai muke ce mata. Sai ta sa hannu kundin zai je gaban malamai, in ba ta sa ba kafin a rufe karɓa, Umma ta jira baɗi. Ranar wankin ciwona ita ce ranar ganin Dakta, saboda haka daga ɗakin wanki muke wucewa ofishinta, ni in zauna a kujerar roba kusa da ƙofa. Akwai fanka a sama mai fiffike ɗaya lanƙwasasshe. Akwai kofin shayi da aka mayar mazubin birori, galibinsu ja.

Ranar da aka fara duba babi na ɗaya, Dakta ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "'Yar Sista, an wanke?"

Na ɗaga kai.

"Ba ta magana ne, ko kuɗi ake biya?"

Umma ta ce, "Haka take, Dakta."

Dakta ta ja takardun gabanta. Na hango shafin farko ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Ta ce, "Sista, zan karanta miki abin da kika rubuta, ki ji shi a bakin wani." Da Turanci aka rubuta, ta karanta da Turanci, ina fahimtar mafi yawa. Umma ta ce azzalumai marasa imani suna gauraya kananzir da fetur suna ƙona jarirai marasa laifi. Ta ce duk wanda ya taɓa jin ihun yaro a cikin wuta ba zai ƙara barci ba. Sannan ta ba da labarin wani gida, da wani yaro mai son ɗaukar takalmin babansa yana yawo da shi, da yayarsa wadda ta sa hannu tsirara tana kashe wutar rigarsa har nata hannun ya kama. Ta ce yarinyar jaruma ce, kuma uwarta ba ta taɓa gaya mata ba.

Na kalli bandejina. An ɗaure shi da filasta biyu, ɗaya ya fara ɗagowa a gefe. Na danna shi da yatsa. Umma tana kallon kalandar bango.

Dakta ta ajiye takardar, ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da bakin rigarta. Sannan ta ce, "Na karanta wannan a gida, na kasa cin abinci. Gaskiya ke nan. Amma ba zan sa hannu a kansa ba."

"Ƙarya na rubuta?"

"Ban ce ba. Zauna sosai, Sista, kin zauna kamar za ki gudu." Ta juya bayan wata takarda ta rubuta kalmomi uku, manya, ta yadda har ni ina gani: ethos, pathos, logos. Ta ce kalmomin Girkawan zamanin da ne, kuma duk mai son a yarda da maganarsa da su yake aiki, ko ya san sunansu ko bai sani ba. Na farko, mai karatu ya aminta da wanda ya rubuta. Na biyu, a taɓa masa zuciya. Na uku, hujja, da yadda aka jera ta har ta kai ga abin da aka ce ta kai. Ta ce, "Kamar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya…" Sai ta tsaya. Ta kalli hannuna, ta kalli Umma. "Bar misalin. Kin gane dai."

Ta sa bakin biro a kan kalmar azzalumai. "Wannan a wane layi na jadawalinki take?"

Umma ta kalli shafin.

"Kin ce an gauraya man da fetur. Ni ma na yi imani an gauraya, kowa a garin nan ya sani. Amma a cikin fayil ɗin nan wa ya kai man ɗakin gwaji? Abin da aka rubuta shi ne fitila ta fashe, risho ya fashe, iyaye sun ce a bakin titi suka saya. Wannan shi za ki iya faɗa. Ki ce iyaye sun ce. Ki kawo binciken wasu da suka gwada man a wasu wurare, ki ce naki ya yi kama da nasu. In kika ce kin tabbatar, mai jarrabawa na waje zai ce nuna min, ki tsaya kina kallonsa."

"To yaran fa? In rubuta su kamar buhunan masara?"

"A'a. Amma ke kika yi wa mai karatu kukan tun kafin ki nuna masa gawar." Ta ga abin da ta faɗa, ta ce, "Yi haƙuri, bakina." Umma ta ce ba komai. Dakta ta ci gaba a hankali, ta ce in mutum ya buɗe kundi ya ga an fara da zagi da hawaye, abin da zai fara tunani shi ne wannan ta yanke hukunci kafin ta buɗe fayil ko ɗaya, daga nan duk lambar da ya gani sai ya yi mata kallon zargi. Ta ce in Umma za ta je gaban sabon kansila ne ta nemi a hana sayar da mai a galan, to ta tafi da shafin nan, ta karanta masa har ya nemi hankici. "Su yanzu suka hau, kunnensu a buɗe yake, kafin ya toshe. Amma malaman nan aikinsu shakka. Albashin shakka ake biyansu."

Umma ta tattara takardun. A hanya da muka zo wajen mai rake sai ta tambaye ni ko ina so. Na ce a'a. Ta saya duk da haka.

Akwai wata ƙawarta 'yar kwas ɗinsu da ke zaune a Darmanawa, mai yawan dariya, takan biyo gidanmu. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Rabu da ita! Ke dai ki sa hoto. Ki ɗauki hannun yarinyar nan ba bandeji, ki manna a shafin farko. Wallahi tsohon nan na waje yana gani jikinsa zai mutu, ba zai tambaye ki ko ƙwaya ɗaya ba." Ta juyo gare ni. "Ko ba haka ba, 'yata? Za ki shiga littafi." Na ja mayafina na rufe hannun. Umma ta gani. Duk da haka da muka koma ta tambayi Dakta maganar hoto.

Dakta ta ce, "Tambayar bincikenki mece ce?"

"Me ke jawo ƙunar, da abin da ake yi kafin a iso asibiti."

"Hoton zai amsa ɗaya daga ciki?"

"A'a."

"Da a kan yadda ciwo ke warkewa kike rubutu, da hoto hujja ne, a nemi izini a rufe fuska a sa. A nan aikinsa ɗaya, ya girgiza mutum don kada ya yi tambaya. Kuma mai hannun an tambaye ta?" Ta kalle ni. Na kalli fanka. Ta ce, "To, ta amsa."

Daga nan Umma ta bi babin da wuƙa. Ta cire labarin gidan, ta cire takalmin, ta cire ni. Ta cire har kalmar yara, ta mayar da su waɗanda aka yi nazari a kansu. Muka je shagon mai buga takardu a wajen kasuwar Tarauni, wani saurayi mai dogon farce a ƙaramin yatsa, ya buɗe aikin a kwamfuta yana goge sakin layi bayan sakin layi. Ya ce, "Hajiya, duk wannan? Ai nan ne daɗin." Ta ce, "Goge." Ina tsaye bayansa ina kallon rubutun yana yin baƙi, sannan ya ɓace, na ƙasa ya hau ya cike gurbin.

Dakta ta karanta sabon babin ta yi tsaki. "Sista, fushi kika yi da ni kika huce a kan takarda. Wannan kuma wa zai karanta? Ko ni da ake biyana, barci ya ɗauke ni." Ta ce ba ta ce a kashe zuciya ba. Mai karatu yana bukatar ya san dalilin da zai damu, kuma wurin faɗar hakan shi ne gabatarwa da kuma shawarwarin ƙarshe. Sharaɗin dai abin da zai taɓa shi ya fito daga cikin abin da aka gano, ba a ɗora masa daga sama ba. Ta jawo jadawalin ta bi wani layi da yatsa. "Dubi nan. Abin da aka shafa kafin a zo: ɗanyen ƙwai, man goge baki, bula, baƙin mai. Wannan uwa ce a tsaye a duhu tana laluben duk abin da ke ɗakin. Ki jera su haka kawai, kada ki ƙara ko kalma. Wanda bai ji komai ba a nan, ba naki ba ne. Kuma daga nan shawararki za ta fito: a koya wa mutane ruwan sanyi mai tsabta, a daɗe ana zubawa, sannan asibiti. Ki mayar min da kalmar yara, don Allah. Yara ne."

Umma ta ce, "Ta yaya zan san inda zan tsaya?"

"Rufe kalmar da yatsa ki karanta jimlar. In an rasa wani sani, mayar da ita. In ba a rasa komai ba sai zafi, bar ta a rufe. Ba kullum yake aiki ba, amma ya fi babu."

Na ɗauka an gama ke nan. Saura 'yan kwanaki a rufe karɓar kundi muka kawo aikin gaba ɗaya, babi biyar. Ranar an cire min bandeji a karon farko, fatar wurin ja-ja ce mai sheƙi, iskar fanka tana taɓa ta ina jin abin kamar ba a jikina ba. Dakta tana bin babi na huɗu da fensir, tana haɗa lambobin jadawali da na babbar takardar Umma. Ta bi sau ɗaya, ta koma ta sake bi. Sannan ta ajiye fensirin.

"Waɗanda suka rasu sun fi fayil ɗinsu da ɗaya."

Umma ta ce, "Eh."

"Kuskuren mai bugawa ne?"

"A'a."

Dakta ta tashi ta rufe ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a kaina kamar za ta ce in fita, sai ta fasa, ta koma ta zauna. "Karanta min abin da kika rubuta a babi na uku. Su wa aka ƙirga?"

Umma ba ta duba takarda ba. "Yaran da aka kwantar a ɗakin da ƙunar kananzir, waɗanda fayil ɗinsu ya cika."

"Ɗanki, an kwantar da shi?"

"Ya zo ƙofa, Dakta."

"An buɗe masa kati?"

"Har ƙofa ya zo. A hannuna." Muryarta daidai take, irin wadda take karanta wa Baba sunan magani da ita. "Kin ce in cire labarinsa, na cire. Kin ce in cire takalminsa, na cire. Waccan tana ciki, layinta na nan, ga shekarunta, ga unguwa. Shi ba ya ko'ina. Lamba ɗaya ce. Kananzir ɗin ne ya kashe shi ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"To ina ƙaryar?"

Dakta ta ajiye tabarau a kan tebur. A waje wani yana tura gadon marasa lafiya mai ƙafa ɗaya da ke ƙara. Da ta yi magana, a hankali ta yi. Ta ce ƙaryar ba a mutuwarsa take ba, a babi na uku take, inda Umma ta yi wa mai karatu alkawarin cewa kowace lamba daga fayil ta fito. Ta ce wannan ya fi duk zagin babi na ɗaya nauyi, domin wancan kowa yana gani ya san zuciya ce ke magana, wannan kuwa zuciya ce ta sa rigar lissafi. In aka gano lamba ɗaya da ba ta da fayil, babu wanda zai ƙara yarda da sauran, kuma sauran 'ya'yan mutane ne da Umma ta sha ƙurar ɗakin ajiya ta tono su. "Kuma yaran wasu da suka mutu a hanya fa? Kin san akwai su. In kin sa naki, su me ya sa ba ki sa ba? Don ba ki san su ba. Ba zan sa hannu ba, Sista. Ko za ki daina gaishe ni."

Umma ta ce, "To sai baɗi." Ta fara haɗa takardun, tana daidaita gefensu a kan tebur.

"Tsaya." Dakta ta buɗe babi na biyar, wajen da ake faɗar iyakokin bincike. Umma ta rubuta abu biyu a wurin, cewa wasu fayil sun ɓata, wasu ba a cike su sosai ba. "Akwai babban giɓi a aikin nan da ba ki faɗa ba, kuma da ma zan ce ki faɗa ko da ba ki da ɗa. Binciken fayil ba ya ganin wanda bai kai ga samun fayil ba. Wanda ya rasu a gida, wanda ya rasu a mota. Saboda haka adadin mutuwar da kika samu zai iya zama ƙasa da na gaskiya. Dole ne a rubuta wannan. Ba alfarma nake miki ba."

Umma ta tsaya da takardun a hannu.

"Wani abu kuma. Tunda 'yarki tana cikin jadawali, ki faɗa a babi na uku cewa ɗaya daga cikin yaran ta gidanki ce, kuma an bi da fayil ɗinta kamar na kowa. Gara su ji daga bakinki. In sun sani kuma suka ga lissafinki bai karkata ba, sai sun fi yarda da ke."

Umma ta ce, "Shi jimla ɗaya ke nan zai samu."

"Ɗaya. Ba suna, ba shekaru."

Umma ba ta ce ta yarda ba. Muka fito. Ba mu hau acaɓa ba, da ƙafa muka tafi, rana tana dukan sabuwar fatata har na ɓoye hannun a cikin hijabi. A gida ta shimfiɗa tabarma ta ɗauko babbar takardar. A can ƙasa akwai layin da ba shi da lambar kati. Ta ɗauki abin goge fensir. Ya ƙare sosai, sai da ta haɗa da farce wajen riƙe shi. Ta goge layin daga dama zuwa hagu, ta hure, ta share ɓurɓushin da gefen hannu. Sannan ta sake lissafin kaso na duk jadawalin da abin ya shafa, da yake lamba ɗaya in ta fita sai ta motsa sauran. Ta kira ni in riƙe mata gefen takardar saboda iska. Na riƙe da hannun dama.

Jimlar ta ɗauke ta lokaci fiye da lissafin. Ta rubuta, ta soke, ta rubuta. Na ga ta sa yatsa ta rufe wata kalma, ta karanta da leɓe, ta ɗaga yatsan, ta soke kalmar. Abin da ya rage, in na mayar da shi Hausa, cewa yake: wannan bincike bai ƙunshi yaran da suka rasu kafin a buɗe musu kati ba, don haka mai yiwuwa mutuwar ta fi yadda aka nuna a nan.

Dakta ta sa hannu washegari. Ba na nan, ina makaranta.

Ranar kare kundin ma ina makaranta, muna jarrabawar lissafi. Da na dawo na tarar da Umma ta riga ni, ta cire farar riga tana tsince shinkafa a faranti. Baba ya dawo daga shago da wuri, yana zaune a kan turmi, abin da yake hana mu yi.

Ya ce, "Yaya aka ƙare?"

"An ce in gyara jerin littattafan da na duba. Wasu ban sa shekara ba."

"Shi ke nan?"

"Na ci."

"Alhamdu lillahi. Tsohon na waje bai matsa ba?"

Ta ce ya yi tambayoyi a kan fayil ɗin da suka ɓata, ya tambayi me ya sa ba ta ce an gauraya man ba kai tsaye, ta ce don ba ta gwada ba, ya gyaɗa kai. Ya karanta jerin abubuwan da ake shafawa, ya maimaita baƙin mai sau biyu, ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya zo babi na biyar ya tsaya.

"Ya ce min, waɗannan da kika ce suna rasuwa kafin kati, zato ne ko kin sani?"

Baba ya ce, "Kika ce me?"

"Na ce guda ɗaya na sani da idona. Sauran ban ƙirga ba, shi ya sa ban sa adadi ba."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ya kamata wani ya je unguwanni ya ƙirga su. Ya rubuta a gefe. Ya juya shafi."

Baba ya kalli ƙasa. Umma ta ture 'yan tsakuwar da ta tsince zuwa bakin faranti, ta zubar da su a gindin bango. Ni ina tsaye da jakata a kafaɗa, ban san ko in ce barka ba ko in yi shiru. Na ce, "Umma, sannu." Ta ce, "Yauwa. Cire kayan makarantar, ki zo ki ɗauraye tukunya."